Daga sallama zuwa hira: yadda ake gaida wanda ba a sani ba a mota, a layi da bencin asibiti

Kusan kowane mako nakan shiga motar haya daga Katsina zuwa Daura. Tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, ta Mashi, kuma in hanya ta yi kyau ba ta wuce sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Amma jiran mota ta cika a tasha shi ma yakan ci kusan wata sa'ar. Ke nan mutum zai yi sa'a biyu kafaɗarsa na gugar ta wanda bai taɓa gani ba. Na ga waɗanda suka yi wannan zama kamar an ɗaure su, na kuma ga waɗanda kafin a kai Mashi sun zama kamar 'yan gida ɗaya. Da na daɗe ina lura, sai na gane cewa bambancin yana cikin minti biyun farko.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, gaisuwa ga baƙo ƙwanƙwasa ƙofa ce. Kana yin ta ne, sannan ka saurara ka ji ko an ce ka shigo. Yawancin masu kuskure sun iya kalmomin gaisuwar sarai. Inda suke faɗuwa shi ne ba sa sauraron amsa.

Kafin ka buɗe baki

Da ka iso bakin mota, ɗan kamasho ya nuna maka wuri, ka ɗauki daƙiƙa kaɗan ka dubi wanda za ka zauna kusa da shi. Abu uku kake nema: shekarunsa idan an gwada da naka, namiji ne ko mace, da kuma abin da yake yi a lokacin. Na ukun shi aka fi mantawa. Dattijon da ke jan carbi leɓɓansa na motsi yana cikin lazimi ne. Ka yi masa sallama a hankali ka zauna. Zai ɗaga maka hannu ko ya gyaɗa kai, kuma idan ya shafa addu'a shi da kansa zai juyo ya ce, "Malam, ina kwana." Wanda ke magana a waya ma haka. Wanda ke ƙirga kuɗi kuwa, ka kau da kai gaba ɗaya har ya gama ya mayar aljihu.

Kai ma ka gyara kanka. Idan akwai abin sauraro a kunnenka, ka cire shi, duka biyun. Gaisuwa da kunne a toshe tana nuna ba ka jiran amsa. Idan hannunka na dama yana riƙe da leda, ka mayar da ita hagu. Sannan ka saki fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a cikin mota ba ka da wata tabarmar da za ka shimfiɗa.

Sallama ta kowa ce, gaisuwa ta mutum ɗaya

Wanda ya zo shi ke yin sallama. Wannan ƙa'ida ce da muka taso da ita, kuma tana da tushe a hadisi: ƙarami ya yi wa babba, mai wucewa ya yi wa na zaune, 'yan kaɗan su yi wa masu yawa. Saboda haka da ka sa ƙafa cikin mota, ka ce "Assalamu alaikum" da muryar da ta kai kujerar baya, ba tare da ihu ba. Wasu za su amsa da ƙarfi, wasu a ciki. Kada ka damu da wanda bai amsa ba, amsar mutum ɗaya ta wadatar wa jama'a.

Idan kai ne a zaune aka shigo aka yi sallama, amsarka ita ce damarka ta farko. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko irinta. Wanda ya ce maka "Salamu alaikum", ka ce "Wa alaikumus salam wa rahmatullah, sannu da zuwa", kana ɗan matsawa ka ba shi wuri. Wannan matsawar, ko da ta taƙi ɗaya ce, magana ce mai zaman kanta.

Bayan ka zauna ka daidaita kayanka, sai gaisuwa ta biyu, wadda ta maƙwabcinka ce shi kaɗai. A nan za ka rage murya, ka ɗan karkata gare shi, ka haɗa abu biyu: sunan girmamawa da gaisuwar lokaci. Daga asuba har zuwa kusan azahar "ina kwana" ce, daga nan har dare "ina wuni". Kada ka jefa "ina kwana" tsirara ba tare da ka kira shi da komai ba. A kunnen dattijo ta yi kama da gaisuwar da aka yi don a sauke nauyi.

Zaɓen sunan nan yana buƙatar natsuwa, domin a nan ake ɓata wa mutane rai ba da niyya ba. Wanda ya kai sa'an mahaifinka Baba ne. Wadda ta kai sa'ar mahaifiyarka Mama ce, ko Inna, ko Hajiya. Namijin da ba ka iya tantance shekarunsa ba, "Malam" ba ta taɓa zama laifi, mace kuma "Malama" ko "Hajiya". Sa'anka za ka iya ce masa "ɗan'uwa" ko "Malam". Yaro matashi "samari". Idan ka ga alamar malanta, rawani ko littafi a hannu, "Allah gafarta Malam" ta dace. Idan ka ga alamar sarauta, "ranka ya daɗe". Kuskuren da na fi gani shi ne kiran mace mai shekara talatin da 'yan kai "Mama" daga bakin wanda ya kusa kai ta, ko kiran magidanci mai furfura ɗaya biyu "Baba" daga bakin sa'ansa. In kana shakka, ka koma ga Malam da Hajiya. "Bawan Allah" da "baiwar Allah" suna da amfani wajen jan hankalin wanda ya yar da abu ko ya ba ka baya, amma ga wanda kuke zaune kafaɗa da kafaɗa suna da ɗan nisa. Kiran mutum da ƙabilarsa ko da wata alama ta jikinsa kuwa, wannan ba ya cikin gaisuwa ko kaɗan.

Akwai wata dabara ta harshenmu da matasa da yawa suka fara sakewa. Babba ba a cika ce masa "ka" kai tsaye a gaisuwar farko ba. Ana cewa "An tashi lafiya?" ko "Kun tashi lafiya, Baba?" Wannan "an" da "kun" suna barin tazara ta ladabi tsakaninka da shi. Ka gwada faɗin "Ka tashi lafiya?" da "An tashi lafiya?" a bakinka, za ka ji na biyun ya fi taushi.

Batun hannu gajere ne. Sa'anka ka miƙa masa hannun dama, in kun saki ka kai naka ƙirji. Dattijo kada ka riga shi miƙawa, ka ɗan rusuna da kai da kafaɗa gwargwadon yadda kujera ta bari, in ya miƙo ka karɓa da hannu biyu. Tsakanin namiji da mace baki ya isa.

Ka saurari amsar

Yanzu mun zo inda aikin yake. Jerin gaisuwarmu sananne ne: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ya gida, lafiya lau, ya aiki, da godiya, ina labari, sai alheri. Duk waɗannan amsoshin a shirye suke tun kafin a yi tambayar. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba shi ma "lafiya lau" zai ce. Don haka kalmar ba ta gaya maka komai. Abin da ke gaya maka shi ne yadda aka faɗe ta, da abin da ya biyo bayanta.

Ga baƙo, tambaya uku sun isa: ta lokaci, ta gajiya ko hanya, da ta gida. Daga nan ka tsaya. Ka lura ko ya mayar maka da tambaya. Idan ka ce "ya gida?" ya ce "lafiya lau, ya wajen naku?", ƙofa ta buɗe. Idan ya ƙara wani abu da ba ka tambaya ba, kamar "lafiya lau, sai dai zafin nan", ya ma miƙo maka zaren da za ka kama. Idan ya juyo da fuskarsa ko ya ajiye wayarsa a cinya, wannan ma izini ne. Amma idan kowace amsa "lafiya" ce guda ɗaya, idonsa na kan taga, bai tambaye ka komai ba, to ya amsa hakkin gaisuwa, bai kuma gayyace ka hira ba. Ka ce "madalla" ka yi shiru.

Ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki wannan shirun a matsayin wulaƙanci. Ba ka san abin da ya fito da mutum daga gida ba. Wani ta'aziyya za shi, wani bashi zai je nema, wani daga asibiti yake da sakamakon da bai gaya wa kowa ba tukuna. Kirarin garinmu yana cewa Katsina ɗakin kara, kuma a fahimtata kara ta haɗa da ƙyale mutum da shirunsa. Sau da yawa ma wanda ka ƙyale a tasha shi ne zai taɓo ka da magana bayan an yi rabin hanya, saboda ya ga ba ka matsa masa ba.

Idan wanda ka gaisar ya girme ka sosai, akwai wani tsari kuma. Kai ne za ka fara da "ina kwana", amma daga nan shi ke jan ragamar tambayoyin, kai kana amsawa. Yaron da ya tsare dattijo da "ya aiki, ya iyali, ya kasuwa, ina labari" a jere ya karɓe masa matsayi. Ka gaishe shi, ka amsa nasa, ka mayar da guda ɗaya cikin ladabi.

Kalma ɗaya game da gida: ana tambayar magidanci "ya iyali?" ko "ya mutanen gida?" Ba a ware matarsa a tambaya. Mace kuma "ya gida, ya yara?" ta isa, ba a bin diddigin ko tana da aure ko 'ya'yanta nawa.

Gadar da ke kai ka hira

An buɗe maka ƙofa, to da me za ka shiga? Ka fara da abin da ku biyun kuke ciki a wannan lokacin, kuma ka faɗe shi a matsayin magana, kada ya zama tambaya. Tambaya tana ɗora wa mutum nauyin amsawa. Magana kuwa yana iya ɗauka, yana iya bari. "Yau motar ta daɗe ba ta cika ba." "Hazon bana ya yi ƙarfi." "Da alama an samu ruwa jiya ta wajen nan." Lokacin shekara yana ba ka gaisuwarsa kyauta: da damina "ya ruwa?" a ce "ruwa ya yi gyara", da hunturu "ya sanyi?" a ce "lokacinsa ne", da azumi "ya ibada?", bayan salla "an yi salla lafiya?"

Ƙa'ida ta biyu ita ce ka ba da naka kafin ka nemi nasa. Maimakon "ina za ka?", ka ce "Ni Daura zan sauka, wajen aiki." In yana so zai ce "Ni a Mashi zan tsaya." In ba ya so zai ce "Allah ya kai mu lafiya", kuma babu wanda ya ji kunya.

Wannan ƙa'idar ta ƙara nauyi a shekarun nan. Jiharmu ta sha wahalar 'yan bindiga da masu satar mutane, kuma kowa ya san ana tsoron masu kai musu rahoto. Tambayoyin da a da ba komai ba ne, yanzu suna tayar da hankali: wane ƙauye kake, gidan wa, yaushe za ka dawo, me ka sayar a kasuwa. Na taɓa zama kusa da wani magidanci da igiyar dabba a hannunsa, mun gaisa lafiya, har ya fara ba ni labarin tsadar dusa. Sai na tambaye shi ko ya sayar da dabbar ne, kuma a wane gari yake. Nan take fuskarsa ta canza, ya ce "a nan kusa", ya juya ga taga, bai sake cewa uffan ba har ya sauka. Raina ya sosu, domin na tsorata bawan Allah da bai yi mini komai ba. Tun daga ranar na daina tambayar baƙo garinsu, kuɗinsa, dukiyarsa ko lokacin komawarsa, sai in shi ya kawo maganar. Siyasa da saɓanin malamai su ma ka bar su. A mota mai mutum goma ba ka san ra'ayin na bayanka ba.

Wata tafiya a watan Agusta

Bari in kawo yadda abin ke tafiya idan ya yi kyau. Wata safiya da damina na iso tasha wajen ƙarfe takwas, saura mutum uku mota ta cika. Na yi sallama, aka amsa. Wurina ya faɗo kusa da wani dattijo mai farar hula, da buhun taki ƙarami a ƙarƙashin ƙafarsa. Na zauna, na ɗora jakata a cinya don kada ta takura shi, sannan na karkata.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, samari. An tashi lahiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya mutan gida?"

"Suna lafiya, alhamdu lillahi. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Mu dai Allah shi sa shi kai mu ƙarshe."

Ka lura da abin da ya faru. Tun a amsar farko ya mayar mini da tambaya. A ta ƙarshe kuma ya ƙara addu'ar da ban nema ba, wadda ta nuna hankalinsa yana gona. Na ce "amin", na yi shiru, ban ɗora komai ba. Mota ta cika, yaron mota ya karɓi kuɗi, direba ya tayar. Wani daga baya ya ce "Allah ya kai mu lafiya", muka amsa gaba ɗaya.

Sai da muka fita gari gonaki suka fara bayyana, sannan na ce, kamar ina magana da taga, "Geron nan ya yi kyau, har ya fara fitar da kai." Ban kalle shi ba. Ya leƙa, ya ce wannan shukar farko ce, wanda ya yi shuka da ruwan farko shi ke da irin wannan, nasa ya ɗan makara domin sai da ya sake shuka. Daga nan ba ni na riƙe hirar ba. Aikina ya koma "haka ne, Baba", "ikon Allah", "to, ya aka yi?" Ya yi mini bayanin yadda yake raba taki kashi biyu, da dalilin da ya sa yake sa wake a tsakanin gero. Ban tambaye shi garinsu ba, ban tambayi girman gonarsa ba. Ni ne na ce masa mahaifina ma manomi ne, amma aiki ya raba ni da gona. Sai a lokacin ya tambaye ni, "Kai ɗan ina ne a cikin birni?" Na ce masa ta wajen Ƙofar Marusa. Ya ce ya taɓa zama a Katsina yana almajiri, ya shiga ba ni labarin yadda ganuwa take a wancan lokacin.

Da aka tsaya a Mashi masu talla suka kewaye mota. Na sayi ruwan leda biyu a gabansa, na miƙa masa ɗaya da hannun dama na ce, "Baba, bisimilla." Ya ce "alhamdu lillahi, Allah shi yi albarka", bai karɓa ba. Na sake cewa sau ɗaya, ya karɓa. Wannan ma yana da ƙa'ida. Ƙin farko sau da yawa kara ce, don haka ana maimaita tayi sau ɗaya. In an ƙi na biyu, a bari. Mutane da dama yanzu ba sa cin abin hannun baƙo a mota saboda tsoron a sa musu wani abu, kuma suna da hujja. Shi ya sa abin da aka saya a gaban idon mutum, a rufe, ya fi sauƙin karɓa a kan wanda ka ciro daga jaka. Kai ma idan aka yi maka tayin da ba ka so, "alhamdu lillahi, na gode, a ci lafiya" ta isa, ba sai ka kawo dalili ba.

Ya sauka kafin mu kai Daura. Na taya shi fitar da buhunsa, na ce, "Baba, a gaida gida, Allah ya ba da damina mai albarka." Ya ce, "Su ji. Allah shi kai ku lahiya." Har yau ban san sunansa ba, kuma hirar ba ta rasa komai ba saboda haka. Suna da lambar waya ba a neman su sai in akwai dalili na zahiri, kamar wata hulɗa da ta taso a cikin hirar. In ya zama dole, a ƙarshe ake yi, kuma ka fara faɗin naka: "Ni sunana wane. Ban san sunan Malam ba."

Wani lokaci hira takan kai ga an gano asalin juna, sai wasan barkwanci ya shigo, irin na Katsinawa da Nufawa, ko na Fulani da Barebari. Yana da daɗi, yana kuma narkar da baƙunta cikin minti ɗaya. Amma ka bar babba ya fara, kuma kada ka yi shi bisa zato. Sai ka tabbatar da wanda kake magana da shi.

A layi

Layi ya bambanta da mota, domin mutane a tsaye suke, kowa ya ba wani baya, kuma kowa yana tsaron wurinsa. Wanda ya tuna layukan banki na farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san yadda rai ke ɓaci a irin wannan wuri. A nan gaisuwarka tana da aiki na biyu, wato tabbatar da matsayinka. Ka yi sallama, ka ce "Sannunku da jira. Wane ne na ƙarshe?" In ya nuna kansa, ka ce "To Malam, ina bayanka." Yanzu kana da shaida, kuma kun riga kun yi magana. In za ka je salla ko shan ruwa, "Don Allah ga wurina, yanzu zan dawo" ita ce hira ta biyu, kuma in ka dawo ka yi godiya.

Abu ɗaya ka kiyaye: kada ka je tsakiyar layi ka fara doguwar gaisuwa da wani. Duk na baya za su ɗauka shirin kutse ne, shi ma wanda kake gaisarwa zai takura. A layin banki ko wajen mai cirar kuɗi, kada ka tambayi nawa mutum zai cira, kada ka kalli allon wayarsa ko katinsa, kuma in ya kai gaban na'ura hira ta ƙare, ka ja baya taku biyu.

A bencin asibiti

Nan ne wurin da gaisuwa ta fi bukatar tausasawa. Murya ƙasa, sallama a hankali, sannan "sannunku". A asibiti "sannu" tana ɗauke da jaje, don haka ita kaɗai ma gaisuwa ce cikakkiya. Marar lafiya ana ce masa "ya jiki?", mai jinya kuma "ya mai jiki?" Amsar kullum "da sauƙi" ce, ko da ciwon ya yi tsanani, sai ka ce "Allah ya ƙara sauƙi" ko "Allah ya sa kaffara ne". In mutum biyu ne zaune ba ka san wane ne majinyacin ba, kada ka yi ƙiyasi. "Allah ya ba da lafiya" ta game su duka.

Kada ka tambayi abin da ke damun mutum. Akwai cututtukan da ko ɗan'uwa ba a gaya wa, kuma tambayarka za ta tilasta masa ko dai ya yi ƙarya ko ya tona abin da yake rufewa. Kada kuma ka fara ba da labarin wani da ya yi irin wannan ciwon ya rasu, ko ka shiga tallar wani magani. Gadar da ta dace a nan ita ce ta wurin: "An fara kiran kati?" "Likitan ya shigo?" Wanda ya riga ka zuwa yakan ji daɗin nuna maka inda ake ajiye kati da inda ake biyan kuɗi, kuma daga nan in yana son ya faɗi damuwarsa zai faɗa. In ya faɗa, naka sauraro ne da addu'a.

Ga 'yan'uwa mata, a wajen awo ko rigakafin yara hanya mafi sauƙi ita ce ta yaron da ke hannu. Ki gaida uwar, "Maman yaro, ina kwana, ya ɗan jikin nasa?", in za ki yabe shi ki haɗa da "tubarkalla" ko "masha Allah", domin yabo ba tare da su ba yana sa wasu iyaye fargabar baki. Mai juna biyu ba a tambayar ta wata nawa, musamman in cikin fari ne, saboda kunya. In hira ta yi nisa, "Allah ya raba lafiya" ta wadatar. In namiji ne ya gaishe ki kuma ba ki son magana, ki amsa sallamar, ki ce "lafiya lau" sau ɗaya, ki mayar da hankalinki wani wuri. Kin sauke hakki. Namiji kuma ya sani cewa da macen da bai sani ba gaisuwa ɗaya ce, sai in ita ko wata bukata ta zahiri ta kawo ƙari, kamar riƙe mata kaya ko ba ta wurin zama. In dattijuwa ce, wannan ya sauƙaƙa: ka tashi ka ba ta bencin, ka ce "Inna, ga wuri", hirar ma ita za ta fara.

A duk wuraren nan za ka haɗu da wanda ba Bahaushe ba ko ba Musulmi ba, ɗan bautar ƙasa da aka turo, ko ɗan kasuwa daga kudu, ko Bahaushe Kirista daga wajen Malumfashi. "Sannu" da "ina kwana" na kowa ne. In ka ga Hausarsa ba ta nuna ba, ka rage sauri, ka tsaya a tambaya ɗaya ko biyu, kada ka gyara masa kuskure a gaban jama'a. In ya amsa "ina gajiya" da "lafiya lau", ka karɓa haka nan ka ce "madalla".

Idan aka kira katinka kana tsakiyar magana, kada ka miƙe kawai ka tafi. Ka ce "An kira ni, Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya." In ka fito ka tarar yana nan a bencin, ka tsaya daƙiƙa biyar ka ce masa "Na fito, Allah ya sa a dace", ka kuma gaya masa in likitan yana sauri ko layin ya kusa zuwa kansa.